Logfirem na gyaran famfo a Sandamu: me ake sawa a kowane gida?

Nafisa: Assalamu alaikum. Ni sabuwa ce a wannan zaure, wata biyu ke nan da na fara aikin sa-kai da wata ƙaramar ƙungiya a nan Daura. Muna rubuta takardar neman tallafi don gyara famfunan tuƙa-tuƙa 20 da suka mutu a ƙauyuka 12 na ƙaramar hukumar Sandamu, aikin wata 18, ana so a fara a Oktoba. Shugabanmu ya miƙo mani teburin tsara aiki da ake kira logfirem ya ce in cike kafin Alhamis. Ga yadda kan teburin yake a fom ɗin masu ba da tallafin:

```
Level      | Description | Indicators | Means of verification | Assumptions
Goal
Outcome
Outputs
Activities
```

Na yi ƙoƙari. A layin sama na rubuta "gyara famfo 20". A na biyu na sa "horas da kwamitin ruwa 12". A na uku "wayar da kan jama'a kan tsafta". Da na zo na ƙasa sai na ga ba ni da sauran abin faɗa, na maimaita su. A gidan indiketa, wato ma'aunin nasarar aiki, na sa "yawan mutanen da suka amfana", a gidan ƙarshe kuma "za a samu kuɗi a kan lokaci". Shugaba ya duba ya ce bai yi ba, amma yana hanyar Katsina bai tsaya ya yi mani bayani ba. Don Allah ina na kuskure?

Bishir M.: Wa alaikumus salam. Ƙanwata abin ba shi da wuya, jadawalin aiki ne kawai aka canza wa riga. Ki fara daga sama da babban buri, ki sauko kina karkasa shi ƙanana har ki iso ayyuka. Sannan ki tabbata kowane layi yana da adadi da lokaci. Masu ba da kuɗi lamba suke son gani. Ki sa "mutum 10,000 za su amfana", famfo 20 sau 500, an gama.

Sagir Zango: Salam. Wace ƙungiya ce ke ba da tallafin? A taimaka mana da adireshin, mu ma muna da rijiyar burtsatse da ta lalace tun bara a unguwarmu.

Nafisa: Yaya Sagir ba rabon tallafi ake yi ba tukuna, mu ma nema muke. Tambayata a kan yadda ake cike tebur ne.

Malam Lawal Katsina: Wa alaikumus salam ɗiyata. Na yi shekaru ina aikin sa ido da tantance ayyuka, kuma kusan duk wanda ya fara cike wannan tebur irin naki yake fara kawowa. Kuskuren guda ɗaya ne. Abubuwa ukun da kika rubuta, gyaran famfo da horas da kwamiti da wayar da kai, duk aikin hannunku ne, duk 'yan layin ƙasa ne. Kin ɗauki 'yan ɗaki ɗaya kin raba su hawa huɗu, shi ya sa da kika sauko ƙasa kika tarar ba kowa.

Bari in tambaye ki, ki amsa mani kamar muna zaune a tsakar gida. An gyara famfo 20. Sai me?

Nafisa: Sai mutane su samu ruwa, Malam.

Malam Lawal Katsina: Ranar da aka gyara za su samu. Bayan wata takwas fa, da robar cikin silinda ta cinye?

Nafisa: To ai shi ya sa za mu horas da kwamiti da makanikai, don idan ya lalace su gyara da kansu.

Malam Lawal Katsina: Madalla, ga teburinki ya fara fitowa daga bakinki. Abin da za ku miƙa hannu da hannu, wato famfo 20 gyararru, makanikai horarru da akwatin kayan aikinsu, kwamiti 12 da littafin asusunsu, shi ne autfut. Alamarsa ita ce in an ba ku kuɗi kuka yi aikinku, dole ya samu, in bai samu ba laifinku ne. Autkom kuwa shi ne abin da mutanen ƙauyen za su yi da abin da kuka miƙa masu: su riƙa tara kuɗin gyara, makanike ya zo in an kira shi, ruwa ya ci gaba da zuba rani da damina, mata da yara su daina zuwa tafki. Wannan ba a hannunku kaɗai yake ba. Kuna turawa, amma wasu ne za su ƙarasa. Layin sama kuma shi ne dalilin da ya sa ake wahalar tun farko, misali raguwar gudawa ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan gudummawa kawai za ku bayar, don akwai masai, akwai wankin hannu, akwai randar da ake zuba ruwan a gida.

Saboda haka autkom naki zai iya zama jimla ɗaya: "Gidajen ƙauyuka 12 suna samun ruwan famfo mai tsafta kusa da gida duk shekara." Ki lura ba sunan ƙungiyarku a jimlar. Idan kika rubuta autkom kika ga ku ne masu aikatawa, to kin zame kin koma ƙasa.

Bishir M.: Malam ai abin da na faɗa ke nan, daga babba zuwa ƙarami.

Malam Lawal Katsina: Rabinsa ka faɗa, Bishir. Rubutawa daga sama ake yi, wannan gaskiya ne, kuma maganar adadi da lokaci ma tana nan. Amma ba karkasa buri ake yi kamar yankan nama ba. Kowane layi sababi ne na wanda ke bisansa, kuma ba ya isa can sai ya bi ta gidan ƙarshe, na asomshin, wato sharaɗin da ake zaton zai tabbata. Jadawalin aiki yana gaya maka yaushe za a yi abu. Wannan teburin yana gaya maka me ya sa ake tsammanin abin zai haifar da canji, da kuma inda zancen zai iya karyewa. Tun da aka ƙirƙiro shi a 1969 don hukumar USAID ta Amurka, abin da aka so ya magance ke nan, ayyuka ana ta kashe kuɗi amma in an zo tantancewa ba wanda zai iya cewa ga abin da aka yi niyyar cimmawa.

Nafisa, ki karanta naki daga ƙasa da babbar murya haka: idan mun sayi kaya mun gyara mun horas, kuma abin da ke gidan asomshin na layin ya tabbata, to za a samu famfo 20 da makanikai da kwamiti. Idan an samu waɗannan, kuma asomshin na layinsu ya tabbata, to ruwa zai ɗore. Idan ruwa ya ɗore, kuma asomshin ya tabbata, to gudawa za ta ragu. Duk inda kika karanta kika ji kunnenki bai yarda ba, akwai abin da ya ɓace a nan.

Hajiya Rabi Kofar Sauri: Nafisa ɗiyata, ki riƙe wannan bambancin da Malam ya yi maki, ni da jikina na koye shi. Shekarun baya mun yi aikin koya wa zawarawa ɗinki, mata 40. A teburinmu autkom shi ne "an horas da mata 40 an ba su keke". Mun horas, mun raba, an ɗauki hoto, rahoto ya tafi da kashi ɗari. Bayan shekara na bi su gida-gida don raina bai kwanta ba. Na tarar 14 ne kawai ke ɗinki. Wasu sun sayar da keken da azumi ya matso, wasu yana nan a lulluɓe da zane don ba jarin zare da yadi, wata kuma mijin da ta sake aura ya hana maza kawo ɗinki, unguwar kuma da ma akwai teloli. A takarda ba mu faɗi ba, tunda abin da muka yi alkawari mun cika. Amma wallahi na yi kuka a hanyar dawowa. Da mun rubuta "mata suna samun kuɗin shiga daga ɗinki bayan wata shida", da tun farko mun tambayi kanmu ina jari, ina kasuwa.

Nafisa: Allah sarki, Anti. Na gode. Yanzu na fahimci layukan. Amma gidan asomshin har yanzu yana ruɗa ni. Me ya sa "za a samu kuɗi a kan lokaci" bai yi ba? Ai gaskiya ne in ba kuɗi ba aiki.

Malam Lawal Katsina: Gaskiya ne, amma wanda kike rubuta wa shi ne mai ba da kuɗin, bai ƙaru da komai ba. In fom ɗin yana da wurin sharuɗɗan farawa, can ne muhallinsa. Asomshin abu ne da yake wajen ikonku, aikin ya dogara da shi, kuma ba tabbas. Ni tambaya uku nake yi wa kowane ɗaya. Yana da muhimmanci? In a'a, a yar. Kusan tabbas zai faru? In e, shi ma a yar, ba a rubuta cewa damina za ta zo. Ana kyautata zato amma akwai shakka? Wannan shi ake rubutawa a riƙa sa masa ido. In kuwa kika ga abin da wuya ya tabbata, to ba a barin shi a wannan gida a yi shiru. Ko dai ki jawo shi cikin ayyukanku ki magance, ko ku sake fasalin aikin, ko ku haƙura da shi.

Amma ni ban san famfo kamar Isiyaku ba. Isiyaku kana kusa? Me ke kashe famfo bayan an gyara?

Isiyaku mai famfo: Ina nan Malam, yanzu na dawo daga aiki. Ni ban iya tebur ba amma famfo na sani. Farko dai ƙanwata, kafin ki rubuta 20, wa ya buɗe su ya gani? Famfon da ya daina ba da ruwa kala-kala ne. Wani roba ce kawai ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko boris na hannu ya mutu, wannan aikin yini ɗaya ne. Wani bututu ya huje da tsatsa ko sanda ta kwance ta faɗa ciki, sai an yi kamun kifi an fito da ita. Wani kuma ba famfon ba ne, ramin ne. Ko ya cike da yashi sai an kawo kwamfaresa an wanke, ko ruwan ya ja ƙasa ya bar silinda a sama. Irin wannan in kika gyara a Disamba zai ba da ruwa kamar ba gobe, Afrilu na yi sai ki ji hannu ya yi sako-sako. A cikin 20 ba mamaki ki samu biyu ko uku da gyara ba zai tashe su ba.

Na biyu, yaran da ake horaswa. Sau da yawa mai gari yana kawo matasan da ba su da aiki don a taimaka masu. An gama horo, an gama girbi, sun tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas da sifanan a jaka. Kuma lokacin da suka tafi shi ne lokacin da famfo ya fi shan wuya, don tafki ya ƙafe, mutane da dabbobi duk a kansa suke. Ki nemi mai gyaran babur ko mai facin da ke da rumfa a garin, mai iyali. Shi ba ya zuwa ko'ina.

Malam Lawal Katsina: Allah ya saka, Isiyaku. Nafisa, ga asomshin na gaske har biyu ya ba ki, ki bi su da tambayoyin nan. "Makanikan da aka horas za su zauna a gari da rani." Muhimmi ne, kuma bisa abin da ya faɗa da wuya ya tabbata in aka bar zaɓen yadda aka saba. To kada ki rubuta shi a gidan ƙarshe ki naɗe hannu. Ki mayar da shi aiki: zaɓen makanikai shida daga masu sana'a a garin, da yarjejeniyar ladan da kwamiti zai biya kan kowane gyara. Shi kuma "ruwan ƙasa ba zai sauka ƙasa da silinda a bazara ba", wannan ba ku da iko a kansa, ya zauna a gidan asomshin daidai layin autfut, don shi ne gadar da ke tsakanin gyararren famfo da ruwa duk shekara. Amma ko shi kuna iya rage haɗarinsa, ku sa binciken kowane rami a matsayin aiki na farko, a auna zurfin ruwa, a tambayi matan garin ko yana ƙafewa da zafi kafin ya mutu. Su suka fi kowa sani. Ku kuma leƙa RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, ko sashen ruwa na ƙaramar hukuma ko suna da bayanan haƙa ramukan.

Bishir M.: To in haka ne kada ta rubuta 20 ke nan? Mai ba da tallafi in ya ga kana kokwanto sai ya ba wani.

Malam Lawal Katsina: Ta rubuta 20, amma ta ce za a zaɓe su bayan bincike, kuma wanda ramin ya mutu za a musanya shi da wani a yankin. Wanda ya san aiki in ya karanta haka hankalinsa ya fi kwanciya.

Umma Akanta: Ni ta ɓangaren kuɗi zan shigo. Asomshin ɗaya da nake roƙo ki sa shi ne farashin kayan gyara. Duk wanda ya yi kasafi kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san abin da ya same shi. Kuma ba kasafinku kaɗai ba, har asusun kwamitin. In kun ce kowane gida ya ba da naira 200 a wata, gida 60 a famfo ɗaya, dubu 12 ke nan in kowa ya biya, kuma ba kowa ke biya ba. Ki je kasuwa ki tambayo kuɗin roba da sarƙa da bututu ɗaya, ki ga ko lissafin zai riƙe famfo shekara.

Nafisa: Na rubuta, Anti Umma. Saura indiketa. Yaya Bishir ya ce in sa mutum 10,000. Shi ma bai yi ba?

Malam Lawal Katsina: Wannan 500 ɗin da Bishir ya ninka daga ƙa'idojin Sphere na ayyukan agaji ta fito, kuma ma'anarta iyakar mutanen da ya kamata su dogara da famfon hannu ɗaya. Ba ƙidayar mutanen Sandamu ba ce. Ku ƙirga gidaje tare da masu unguwanni, lambar da ta fito ita ce taku, ko da 6,000 ce. Sannan ƙauyen da ke da famfo biyu kada a ƙirga mutanensa sau biyu.

Amma babbar matsalar "waɗanda suka amfana" ita ce ba ta iya faɗuwa. Ranar da aka gyara famfo kowa ya amfana, ko da ya mutu bayan sati uku. Indiketa mai kyau shi ne wanda in aikin ya lalace zai tona. A layin autfut abin mai sauƙi ne: famfo 20 sun ci gwajin zubar ruwa an miƙa su da sa hannun kwamiti, makanikai shida kowanne ya kwance silinda ya mayar da kansa a gaban mai horaswa. Kin ga ban ce "sun halarci horo" ba. A layin autkom kuma tambaya ɗaya: famfo nawa ne duka a ƙauyukan nan 12, masu rai da matattu?

Nafisa: Na duba takardar zagayen da aka yi. 31 ne, 11 suna aiki, 20 sun mutu.

Malam Lawal Katsina: To ga beslayin ɗinki, wato lambar da za ku fara awo daga kanta, 11 cikin 31. Kada ki auna 20 ɗinku kaɗai. Kwamiti da makanikai ai na garin ne duka, in kuna gyara 20 waɗancan 11 suna mutuwa, matar da ke ɗaukar jarka ba ta ga canji ba. Ki rubuta: "Famfunan da ke ba da ruwa ranar ziyarar ba-zata a bazara, daga 11 cikin 31 zuwa 27 cikin 31." Ban ce 31 ba don kullum akwai wanda ke jiran gyara. Ki ƙara na biyu: "Kwanakin da famfo ke yi a mace kafin a tashe shi ba su wuce bakwai ba." Wannan na biyun shi ne zai nuna ko kwamitin yana da rai.

Kalmomi biyu ne ke riƙe da na farkon, ba-zata da bazara. In kuka sanar za ku zo, za a gyara daren jajibiri. In kuka je a Agusta, kowane rami cike yake kuma rabin gari na tarar ruwan sama.

Hajiya Rabi Kofar Sauri: Malam a nan ban bi ka duka ba. Kana ƙirga ƙarfe, ni mutane nake so a ƙirga. Famfo yana iya zuba amma yarinya ta yi awa biyu a layi ta makara makaranta. Ko yana can bayan gari, 'yan rugar da ke gefe ba a barinsu sai kowa ya gama. Jimlar da ka ba ta cewa ta yi "kusa da gida". Ina abin da ke auna kusa?

Malam Lawal Katsina: Kin kama ni, Hajiya. Akwai ma'aunin da WHO da UNICEF ke amfani da shi, zuwa da layi da dawowa kada su wuce minti 30. Za ta iya sa kason gidajen da ke samun ruwa cikin wannan lokaci. Abin da ya sa na yi jinkiri shi ne awon yana da tsada kuma mutane ba agogo suke dubawa ba, in ka tambaya sai a ce "ba nisa" ko "da ɗan dama".

Hajiya Rabi Kofar Sauri: A zauna bakin famfo da agogo mana, da asuba da kuma bayan la'asar. Ba sai an tambaya ba.

Malam Lawal Katsina: Wannan layi kawai zai ba ki, ba tafiya ba, kuma wadda ta haƙura ta tafi tafki ba za ki gan ta a wurin ba.

Hajiya Rabi Kofar Sauri: Duk da haka ya fi babu. Ni dai in ni ce ba zan miƙa teburin ruwa ba tare da lokacin mata a ciki ba.

Umma Akanta: Ku yanke duk wanda kuka yanke, amma Nafisa ki sani duk abin da kika rubuta a gidan hanyar tabbatarwa, wato inda za a samo shaidar indiketa, kuɗi ne. In kin ce binciken gidaje, misali gida 20 a kowane ƙauye, 240 ke nan, sau biyu, farko da ƙarshe. Wa zai yi tambayoyin, kwana nawa, man babur nawa? Dole mata su kasance cikin masu tambaya don su ne za su shiga cikin gida. In babu layinsa a kasafi ba za a yi ba, ranar rahoto sai a zauna a ofis a ƙago lamba. Haka ma kwanaki bakwai ɗin Malam, daga ina za a samo? Daga littafin kwamiti. To sayen littafin da koya wa sakatare rubuta ranar mutuwa da ranar tashi, da boko ko da ajami, su shiga ayyuka. Ni abin da nake yi, ina ajiye tebur a dama kasafi a hagu, kowane aiki in nemo kuɗinsa, kowane kuɗi in nemo aikinsa.

Bishir M.: Layin sama fa? Sai ta ɗauko lambar gudawa daga rajistar asibitin shan magani, wannan kyauta ne.

Malam Lawal Katsina: Za ta iya, amma da hattara. Rajista tana ƙirga waɗanda suka zo asibiti ne kawai. In aka kawo magani kyauta lamba za ta hau ko da ciwo ya ragu, in ma'aikaci ya yi wata ba ya nan za ta sauka. Kuma gudawa tana bin yanayi, sai a gwada damina da damina. Ƙaramin aiki na wata 18 kada ya ɗaure kansa da alkawarin kaso kaza a wannan layi sai in fom ɗin ya tilasta. Ta sa indiketan, ta faɗi inda za a samo, a asomshin na layin autkom kuma ta rubuta cewa gidaje suna adana ruwa a rufe. Wayar da kan da kika sa tun farko, Nafisa, ga inda take aiki, ki mayar da ita layin ƙasa.

Sagir Zango: Ku gafarce ni na sake shigowa. Maganar tsaro fa? Na ga wasu suna rubuta ta.

Bishir M.: Wannan na masu aiki a Batsari da Jibiya da Faskari ne. Ƙasar Daura da sauƙi, ba sai an sa ba.

Umma Akanta: Ni zan sa. Mai karantawa daga nesa sunan jihar kawai yake gani, gara ta faɗi yadda yankin yake da bakinta.

Malam Lawal Katsina: Ni a bayanin haɗura zan sa ta, ba a tebur ba, sai in akwai ƙauyen da ake shakkar zuwa. Amma shugabanku ya fi mu sanin wuraren, ki tambaye shi.

Nafisa: Na gode ƙwarai, na sake cikewa. Autkom jimla ɗaya, indiketa uku har da na Anti Rabi, autfut uku, ayyuka tara, na farko binciken ramuka. Na karanta daga ƙasa da murya kamar yadda Malam ya ce, sai na ga wani abu. In mun fara a Oktoba, wata 18 zai ƙare ƙarshen Maris. Gyara zai kammala wajen Fabrairu na farko. Ke nan Afrilu da Mayu ɗaya kawai za mu gani, wata biyu bayan gyara, lokacin komai sabo ne. Bazarar da za ta gwada kwamiti da gaske tana zuwa bayan an rufe aiki. To yaushe za a yi ziyarar ba-zatan?

Isiyaku mai famfo: Maris ma ruwa ya fara ja, amma bai kai ƙarshe ba. Ramin da zai ba da kunya sai ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan farko.

Malam Lawal Katsina: Wannan ni ma ban hango ba. Hanya biyu nake gani. Ko ku roƙi a fara a Disamba don aikin ya ƙare ƙarshen Mayu, ko ku yi awo biyu, Mayu na farko don gwada ramuka, Maris na ƙarshe don gwada kwamiti, ku faɗi a fili cewa ba a kai tsananin bazara ba. Na fi son ta farko.

Umma Akanta: Ta farkon ba lallai su yarda ba, wasu shekarar kuɗinsu ce ke yanke ranar farawa. Kuma in aiki ya ƙare 31 ga Mayu, ziyarar sai ta kasance farkon watan don a samu lokacin rubuta rahoto.

Nafisa: A fom ɗin akwai adireshin aika tambaya, kuma ba a rufe ba sai Talata. Zan nuna wa shugaba da safe, in ya amince mu tambaye su ko ranar farawa tana motsi. Kafin nan zan rubuta da awo biyun. Kawu Isiyaku, in ba damuwa gobe bayan azahar zan kira ka kan farashin roba da bututu.

Isiyaku mai famfo: Ki kira. Amma ki fara tambayo mani wane iri ne a garuruwan, Indiya Mak ko Afiridef, don kayansu ba ɗaya ba ne.